Wasiƙar neman ƙarin lokaci idan tattara bayanai a asibiti ya makara: inda ɗalibai ke yin kuskure

Ɗaliban digiri na biyu da yawa a Jos suna rubuta wannan wasiƙa kamar roƙon gafara. Ba haka take ba. Malamin da ke duba kundinka zai iya ɗaga maka ranar kawo babi na huɗu da kansa, amma idan jinkirin zai haura wa'adin rajistarka, sai maganar ta bi ta hannun shugaban sashe zuwa makarantar karatun gaba da digiri. Wasiƙarka ce malamin zai riƙe ya kare ka da ita a can, don haka ka ba shi abin da zai iya nunawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rubutu ba adadi. "An samu tsaiko a asibitoci, ina neman ɗan ƙarin lokaci" bai gaya wa malam komai ba. Mu ɗauki misalin ɗalibar da ke bincike kan mata masu zuwa awon ciki a ƙananan asibitoci huɗu tsakanin Jos ta Arewa da Bukuru. Tsarin bincikenta ya ce za ta tambayi mata 422, wato 384 da lissafi ya bayar haɗe da kashi 10 cikin ɗari saboda waɗanda ba za su amsa ba. Ta samu 260, saura 162. Asibitoci uku sun kammala, na huɗun kuwa takardar izinin shiga ce ta makara mako biyar. Waɗannan lambobi su ne jigon wasiƙar, kuma a sakin layi na farko ya kamata su fito.

Daga nan sai ƙiyasin lokaci, inda kunya ke cutar da mutane. Ɗaliba takan nemi wata ɗaya don kada a ga ta cika nema, wata ya ƙare ta dawo da wasiƙa ta biyu, wadda ta fi ta farko wuyar karɓuwa. A zauna a yi lissafi. Asibitin nan yana awo sau biyu a mako, kuma a zama ɗaya ba ta wuce mata 12, domin kowace sai an yi mata bayani, ta amince, sannan a cika takardar tambayoyi, ga shi da rana ta yi layi ya watse. Mata 24 ke nan a mako, 162 kuwa za su ci mako bakwai. Kuma yawanci a ƙarshen makonnin adadin yakan ragu, saboda matan da aka riga aka tambaya ne ke dawowa awo, ba a kuma ƙirga mace sau biyu. A ƙara mako ɗaya saboda haka, biyu na shigar da bayanai a SPSS da tace su, uku na nazari da rubutu. Mako 13 za ta nema, ta kuma rubuta ainihin ranar da babin zai iso teburin malam.

Wajen faɗin dalili, kada a zargi ma'aikatan asibiti. Wasiƙar tana shiga fayil, kuma gobe wurinsu za a koma. Ya isa a ce an miƙa takardar neman izini rana kaza, ta fito rana kaza, a haɗa kwafinta mai hatimi. Idan da laifin ɗalibi a ciki, ya faɗa a jimla ɗaya ya wuce. Sunan majiyyaci ko lambar katinsa ba su da gurbi a nan ko kaɗan.

Akwai abu biyu da ake yawan mantawa. Amincewar kwamitin ɗa'ar bincike tana da ranar ƙarewa a jikin takardar, galibi shekara ɗaya, kuma bayanan da aka tattara bayan ta ƙare suna iya zama abin tuhuma ranar kare kundi. A duba ranar, idan sabon jadawalin ya haura ta, a sanar da malam cewa za a nemi sabuntawa. Na biyu, kada ɗalibi ya sauya asibiti ko ya rage adadin mutane da kansa sannan ya kawo labari. Ya kawo shi a matsayin shawara, domin sauyin yana bukatar yardar malam da ta kwamitin.

Ga yadda farkon wasiƙar zai kasance, ko da Turanci za a rubuta ta: "Ranka ya daɗe Farfesa, na tattara amsoshi 260 daga cikin 422. Sauran 162 suna asibiti na huɗu, inda izini ya makara mako biyar, ga kwafinsa a haɗe. Ina roƙon ƙarin mako 13, kuma na haɗa jadawalin aikin kowane mako. Babi na ɗaya zuwa na uku na gyara su kamar yadda ka umarta."

A aika ta tun da sauran mako biyu ko uku kafin wa'adi, shafi ɗaya, da lambar rajista da taken kundi a sama. Kafin nan a je ofis a gaida malam a faɗa masa baki da baki. Saƙon WhatsApp na iya nemo lokacin ganawa, amma ba ya shiga fayil, don haka a riƙe kwafin da aka sa wa hannu.