Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin 72 na ninkuwar ajiya

Lissafin kansa ba wuya, ko kana kan babur za ka yi shi da ka. Ka ɗauki 72 ka raba da kason ribar da ake ba ka a shekara, abin da ya fito shi ne shekarun da kuɗinka zai yi kafin ya ninka. In ribar kashi 12 cikin ɗari ce, 72 ÷ 12 = 6, wato shekara shida. To amma wallahi na sha ganin mutane sun yi rabawar daidai sannan sun ɗora buri a kan amsar da ba tasu ba.

Babban kuskuren shi ne cin ribar. Wannan lissafi yana aiki ne kawai in ka bar riba ta koma kan uwar kuɗi ita ma ta haihu. Mu ce ka sa naira dubu 500 a kashi 12. Ƙarshen shekarar farko 560,000 ne, ta biyu kuma ribar a kan 560,000 ɗin za a lissafa sai ya zama 627,200, haka dai har shekara ta shida ka tarar da wajen 987,000, saura kaɗan miliyan. Ƙanina ya yi wannan lissafin yana ta murna, amma duk sanda ribar ta shigo akawun sai ta tafi kuɗin makaranta da ragon layya, dubu 60 kowace shekara, bayan shekara shida dubu 360 kawai ya karɓa, uwar kuɗi na nan inda take. Na ce masa kai ai kana cinye ƙwan kana jiran ƴan tsaki. In kana cire riba to da 100 za ka raba, 100 ÷ 12 shekara takwas da wata huɗu ke nan kafin ka karɓi kwatankwacin abin da ka zuba.

Masu gudun kuɗin ruwa ku lura da nan sosai. Sukuk takardar zuba jari ce ta tsarin Musulunci da ake biyan mai ita kuɗin haya maimakon kuɗin ruwa, na farko da gwamnatin tarayyar Najeriya ta fitar a 2017 kashi 16.47 ya bayar, amma duk wata shida ake turo wa mutum kuɗin hayar, ba ya komawa ciki da kansa. In ba kai ka sake zuba shi a wani wuri mai irin wannan ribar ba to 72 ba ta magana a kanka. Mudaraba kuma, wato ka ba da jari wani ya juya ku raba riba, ribarta hawa da sauka take, don haka kada ka ɗauki shekarar da ta fi kyau ka yi lissafi da ita, matsakaicin shekaru da dama za ka ɗauka.

Akwai kuma rikita wata da shekara. In an ce kashi 2 a wata, amsar wata 36 ce, shekara uku. Duk ma'aunin da aka ba ka ribar da shi, da shi amsa za ta fito. Nan ne ma lissafin ke tona asirin ƴan damfara, MMM, harkar nan ta zuba kuɗi ta intanet, kashi 30 a wata ta yi alkawari, wato kuɗi ya ninka ƙasa da wata uku, wace kasuwa ce ke haka? Disambar 2016 ta rufe da kuɗin jama'a.

Adashe ko asusun da kake ƙara wa kuɗi duk wata ba ya shiga wannan lissafin, kuɗin da aka ajiye a dunƙule sau ɗaya ake nufi. Sannan 72 ta fi dacewa a wajajen kashi 6 zuwa 10. In riba ta yi sama 72 tana rage lokacin, a kashi 36 za ta ce maka shekara biyu alhali shekara biyu da wata uku ne, sai ka riƙa ɗan ƙarawa.

Wanda ya fi ci min rai shi ne manta tsadar kaya. Takardar naira ta ninka, to buhun shinkafa fa tsayawa ya yi yana jiranka? A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30. Mu sassauta mu ce 24 ce duk shekara, 72 ÷ 24 = 3, kaya na ninka kuɗi kusan duk shekara uku, kai kuma naka sai shida. Miliyan ɗin nan da ka jira ba zai sayi abin da dubu 300 ke saya ranar da ka ajiye ba. Gyaran shi ne ka cire kason tsada daga kason riba kafin ka raba. Riba 18, tsada 12, saura 6, shekara 12 ke nan kafin ƙarfin sayen kuɗinka ya ninka, duk da a takarda shekara huɗu za ka gani. In ka cire ka ga sifiri ko ƙasa da haka ba abin rabawa, kuɗin raguwa yake ko da lambar da ke cikin alat tana ƙaruwa.