Yadda ake saka tururi a hoton abinci

Masu gidajen abinci a Gombe sun yi ta tambayata wannan. Ga yadda nake yi a Photoshop, da hoton kwanon tuwon shinkafa da miyar taushe.

1. Zaɓi hoton da bayansa ke da duhu. Farin tururi ba ya fitowa a kan farin bango.
2. Buɗe sabon `Layer` a saman hoton.
3. Ɗauki `Brush` mai laushi, fari, ka mayar da `Opacity` wajen 10%.
4. Ja layi biyu ko uku masu lanƙwasa daga tsakiyar miyar zuwa sama.
5. Shiga `Liquify` ka murɗa su kaɗan.
6. Saka `Gaussian Blur` har gefunan su narke.

Hattara a nan: in tururin ya yi kauri, sai ya koma hayaƙi, kamar tuwon ya kama. Dole a riƙa hango bango ta cikinsa.

7. Da `Layer Mask` da baƙin `Brush`, goge saman tururin a hankali har ya ɓace.
8. Rage hasken ɓangaren tururin da ba ya fuskantar inda haske ke shigowa.

Kada tururin ya taso daga bakin kwano. Na taɓa ganin wanda aka ɗora wa zoɓo mai ƙanƙara ma, abin dariya.