Darasi: Tambayoyin Bitar Mako ga Mai Koyon Sana'a

Idan aka tambayi mai koyo yaya aiki, amsar ba ta wuce "Alhamdu lillahi, ana samun ci gaba." Amsa ce mai kyau a gaisuwa, amma ba ta nuna inda hannu ya faɗa da inda ya saura. Wannan darasi zai nuna muku yadda za ku sa lamba a kan ci gabanku.

Ku ware littafi guda, ku zaɓi aiki ɗaya tak. "Koyon ɗinki" ya yi faɗi, ba ya ƙirguwa. "Sa zif a siket" kuwa yana ƙirguwa. Duk ranar da kuka yi aikin, ku ja 'yar sanda a shafi, idan kuma sai da aka warware, ku zagaye sandar. Kada ku bari sai ƙarshen mako, domin zuciya ta fi riƙe wanda ya yi kyau.

Ranar Juma'a da yamma, ko ranar da kuke hutu, sai ku zauna ku amsa waɗannan a rubuce:

Sau nawa na gwada, sau nawa ya ɓaci?
A daidai wane wuri ya ɓaci?
Me nake zaton ya jawo?
Wane abu ɗaya zan canza a mako mai zuwa?

A ce wata ɗaliba ta sa zif 6 a makon farko, ta warware 4. A tambaya ta biyu ta fara rubuta "bai yi kyau ba." Wannan ba amsa ba ce, don ba ta nuna abin gyara. Da ta sake duba siket ɗin, sai ta rubuta: "Yadin yana tattarewa a gindin zif." Dalilin da ta zata shi ne ba ta yin guga kafin ta hau keke. Ta ɗauki guga a matsayin canjin mako. Mako na biyu ta sa 6, ta warware 3. Sai ta ƙara da kafe zif ɗin da fil, a mako na uku ta warware 1.

Ku lura, canji ɗaya take yi kowane mako. Da ta haɗa guga da fil lokaci guda, ba za ta san wanne ya yi aiki ba.

Akwai inda lamba ke yaudara. Atamfa tana tsayawa a hannu, yadi mai santsi kuwa zamewa yake yi, don haka ku riƙa rubuta irin yadin kusa da lambar. Idan lamba ta tsaya cak har mako uku, wataƙila dalilin da kuka zata ba shi ba ne. Ku ɗauki littafin da ɗinkin da ya ɓaci, ku kai wa mai koya muku, ku nuna masa wurin da ɗan yatsa.