Yadda ake bincika fassarar waya kafin a sha magani da ita

Yanzu da an ba mutum takardar asibiti sai ya haska mata kyamarar Google Translate ya karanta da Hausa. Toh manhajar bata san mara lafiya ba, kalmomi kawai take jerawa, kuma ko tayi kuskure jimlar zata fito sumul kamar gaskiya. A 2019 likitoci a jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko sun gwada ta da takardun sallamar marasa lafiya, kashi 92 cikin 100 na jimlolin suka fito daidai a Sifaniyanci, kashi 81 a Sinanci. Akwai inda likita ya rubuta "hold" akan maganin ƙoda, wato a dakata da sha sai an ga likitan ƙoda, fassarar Sinanci tace a ci gaba da sha. Waɗannan fa harsuna ne masu tarin rubutu a intanet, balle Hausa.

Da farko kar ka haska rubutun hannun likita, kyamara na iya karanta 1 a matsayin 7. Rubuta da kanka, jimla ɗaya ɗaya.

Na biyu, lambobi ba'a ɗaukarsu daga fassara, koma kan takardar asali da jikin kwalba. Misali an rubuta wa yaro farasitamol na ruwa `5ml tds x 3/7`. Ma'anarsa mililita 5, sau uku a rana, kwana uku. Manhaja na iya barin `tds` yadda yake ko ta ɗauki `3/7` kwanan wata ne. Sannan in takardar cikin kwali tace ƙaramin cokali, fassara na iya cewa cokali kawai, alhali ƙaramin mililita 5 ne babban kuma 15, kaga uwa ta ɗauko babba ta ninka wa yaro magani sau uku, kuma farasitamol in yayi yawa hanta yake lalatawa. Shiyasa a auna da sirinji ko kofin awon da yazo da kwalbar. Haka ma'aunin nauyin magani `mg` da `mcg`, tsakaninsu ninki 1000 ne, `mg` ne babba.

Na uku, nemi kalmomin hani a asalin takardar, `do not`, `stop`, `avoid`, ka tabbata kowacce ta fito a Hausar. Duba sati da rana ma, methotrexate na ciwon gaɓoɓi sau ɗaya a sati ake sha, shansa kullum ya kashe mutane.

Na huɗu, kwafi Hausar ka mayar da ita Turanci. In ma'ana ta canza toh akwai matsala, amma in ta dawo daidai ma kar ka saki jiki, don manhajar na iya warware kuskurenta a hanyar dawowa alhali Hausar tana nan a karkace.

Na ƙarshe, kai takardar wajen mai bada magani na asibitin ko nas, ka faɗa da bakinka yadda ka fahimta, nawa, sau nawa, kwana nawa, su gyara maka. Insulin, maganin tsinka jini, maganin jarirai da takardar yarda da tiyata kuwa, don Allah mutum ne zai fassara maka su tun farko.