Yadda Ake Cire Danƙon Mai Daga Kaskon Suya Marar Kamu

Ƙanwata da ke aure a unguwar Zariya, nan Maraɗi, ta kawo mini kaskonta na suya cikin leda, irin marar kamun nan da wasu ke ce wa tefal. Cikin kayan aurenta aka saka shi, bai cika shekara biyu ba. Ta ce, "Yaya, duba mini wannan, ko in ba yara su yi wasa da shi. Ƙwai ma kamawa yake yi." Na shafa yatsa a gefensa na ciki, yatsan ya riƙe kamar na taɓa ƙaro. Tsakiyar kaskon baƙa ce sumul, amma daga inda ya fara lanƙwasa zuwa baki akwai wani zobe ruwan ƙasa-ƙasa, ga ƙurar hunturu ta zauna a kai ta yi masa gashi-gashi. Na kankara kaɗan da farce, abin ya naɗo kamar dauɗar jiki, ƙarƙashinsa kuwa baƙin fenti lafiya lau. Na ce mata kaskonki bai mutu ba, danƙo ne ya hau shi.

Wannan gwajin farcen shi ne aikin farko, don kada ki ɓata kwana kina wankin abin da ba ya wankuwa. Danƙon mai yana zaune a saman fenti ne, ya ɗan yi tudu, yana kama yatsa. Idan kuwa abin da kike gani rami ne, ko layi-layi masu farin ƙarfe a ciki, ko fentin yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, to fentin ne ya tafi, kuma babu wankin da zai dawo da shi. Haka nan idan tsakiyar kaskon ta dushe, ta yi kaushi amma ba ta kama yatsa, wuta ce ta cinye shi. Irin fentin nan yana fara lalacewa ne idan zafi ya wuce digiri 260, kuma kasko marar komai a kan garwashin gawayi ko gaz da aka ƙure yana kai wa nan cikin ƴan mintoci.

Shi danƙon, mai ne da ya sauya hali. Idan siririn mai ya kwanta a kan ƙarfe mai zafi, iska tana dukansa, ƙwayoyinsa sai su riƙa sarƙewa da juna har ya daina zama ruwa, ya koma kamar roba. Shi ya sa yake taruwa a gefe: a tsakiya abinci yana shanye zafin, cokali yana motsa man, amma wanda ya fantsama gefe yana nan yana gasuwa shi kaɗai. Gobe wani ya hau kansa, jibi wani. Sabulu yana ɗauke mai muddin yana ruwa, amma da zarar ya sarƙe haka, sai dai sabulun ya zame ta kansa ya wuce.

Mun san wannan abu tun da daɗewa, ba mu dai ɗauke shi matsala ba. Tandar masa da kaskon ƙosai na baƙin ƙarfe, wannan man da ya gasu a jikinsu har ya yi tauri shi ne ke hana su kamu, shi ya sa mai masa ba ta yarda a darje mata tanda. Ƙanwata da wannan tarbiyyar ta tashi. In ta gama suya sai ta goge kaskon da tsumma ta kife, wai kada wanki ya kashe masa santsi. A kan fentin marar kamu kuwa man ba ya samun wurin kamawa ya yi tauri, sai ya tsaya rabi da rabi, yana danƙo, ya rufe santsin da aka sayi kaskon dominsa.

Abin da za ki tanada: bikarbonat, sabulun ruwa na wanke-wanke, soso mai laushi, da cokalin katako. Bikarbonat farin gari ne, ana samunsa a farmasi da wajen masu sayar da kayan kek. Ki tabbata shi aka ba ki, don yis ɗin fanke da garin tashin kek da ke cikin ƴar takarda ba su yin wannan aikin.

Ki fara da wanke kaskon da ruwan ɗumi da sabulu, don man da bai riga ya sarƙe ba ya tafi, ki ga iyakar danƙon sosai. Sai ki zuba ruwa har ya rufe zoben. Kaskon ƙanwata mai faɗin santimita 26 ne, ya ci kusan lita ɗaya kafin ruwan ya kai inda danƙon yake, kuma nan mutane ke kuskure: su zuba ruwa kaɗan a tsakiya inda ba matsala, gefen da ke buƙata yana sama yana ƙara gasuwa. Ki zuba bikarbonat babban cokali uku a lita ɗaya tun ruwan yana sanyi, ki motsa. In kika jira ya tafasa kafin ki zuba, kumfa zai taso ya malalo kan wuta. Ki ɗora a wuta marar ƙarfi, ya riƙa ɓararraka a hankali minti 10. Za ki ga ruwan ya koma launin shayi, wasu ƴan ɓarɓashi suna yawo a sama. Ki sauke ki bar shi da ruwansa har ya huce yadda hannu zai iya shiga. Kada ki zubar ki watsa masa ruwan randa yana da zafi, gindinsa zai iya lanƙwashewa ya daina zama daidai a kan murhu.

Da ya huce, ki bi gefen da soso mai laushi, kina zagayawa ba tare da dannawa ba. A namu, kamar kashi biyu cikin uku na zoben ya fita a wannan karon. Abin da ya rage shi ne na kusa da ƙusoshin mariƙi da na can bakin kasko, inda ruwa bai kai ba. Wannan sai da kwaɓi. Na dama bikarbonat cokali biyu da ruwa cokali ɗaya da ɗigon sabulu, ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, na shafe wuraren, na rufa da jiƙaƙƙen tsumma. Tsumman nan kada ki raina shi: a iskar Maraɗi ta rani kwaɓin bushewa yake kafin ki juya, busasshe kuma ba ya cin danƙo. Bayan minti 30 na murza da soso, kewayen ƙusoshin kuma na bi shi da tsohon buroshin haƙori. Sai da muka maimaita kwaɓin sau biyu. Danƙon shekara biyu ba ya fita a zama ɗaya, kuma gara ki maimaita sau uku a hankali da ki danna hannu sau ɗaya, domin bikarbonat kansa yana da ɗan kaushi.

Za ki ji masu cewa a haɗa bikarbonat da binega a lokaci guda. Kumfan yana da daɗin kallo, amma ɗaya kanwa-kanwa ne, ɗaya tsami, kashe juna suke yi, a bar ki da ruwa mai gishiri. Tsami yana da amfaninsa a ƙarshe: idan kaskon ya bushe kika ga farin hazo a kai, na bikarbonat ko na ruwan rijiya, ki matse rabin lemun tsami a kofin ruwa ki ɗauraye, zai tafi.

Ƙanwata ta tambaye ni ko kanwa za ta yi, tunda ita ce a kowane gida. Tana yi, don danginsu ɗaya da bikarbonat, har ma ta fi shi ƙarfi. Matsalarta yashi. Ki jiƙa gutsure kamar ƙwallon goro a lita ɗaya, ki bar shi ya kwanta, ki tsiyaye ruwan sama ta tsumma, shi kaɗai za ki tafasa a kaskon, kuma kada ya wuce minti 5. Kada ki yi kwaɓi da ita. Sannan ki kula da inda alminiyom yake tsirara, kamar bakin kasko ko gindinsa: ruwan kanwa yana dusar da shi ya yi toka-toka. Idan fentin ciki ya riga ya karce har ƙarfe ya bayyana, ki bar kanwa gaba ɗaya.

Toka da yashi da soson ƙarfe, waɗanda muke sa tukunya ta yi ƙyalli da su, ki nesanta su daga cikin kaskon nan. Ko koren ɓarin soson wanke-wanke, mai kaushin, yana barin ƙananan karce. Za su cire danƙon cikin minti ɗaya, su tafi da fentin tare. In yarinya ce ke yi miki wanke-wanke, ki ware kaskon ki wanke da kanki, don hannunta ya saba da darza. Bayan kasko kuwa, in ba fenti a kai, ki darje shi yadda kike so.

Don ki san ko aiki ya yi, ki shanya shi ya bushe, ki shafa yatsa daga tsakiya zuwa baki: ya zame ba tare da tsayawa ba. Ki ɗiga ruwa, ya dunƙule ya gangara kamar a kan ganyen kabeji. In ya baje ya kwanta a wani wuri, akwai saura a nan. Mu da ƙwai muka gwada, da mai ƙaramin cokali ɗaya a wuta matsakaiciya, ya saki ya zamo cikin faranti, sai a wani wuri guda kusa da tsakiya inda cokalin ƙarfe ya taɓa karta. Wannan wurin zai ci gaba da kamawa, na gaya mata ta haƙura da shi.

Abin da ya jawo mata danƙon abu uku ne, kuma duk na gan su a madafarta. Na farko rashin wanki da sabulu bayan kowace suya. Na biyu man da take juyewa a kwalba tana sake suya da shi sau huɗu sau biyar. Man da ya sha wuta ya riga ya fara sarƙewa tun a kwalba, shi ya sa yake kauri, bakin kwalbar ma yana danƙo. Na uku wuta. Man gyaɗarmu na gida, wanda masu ƙuli-ƙuli ke matsewa, ya fi na kanti ƙamshi nesa ba kusa ba, amma ba a tace shi ba, yana saurin hayaƙi. Ita kuma sai ta ƙure gaz ta tafi yanka albasa. Da kin ga mai yana hayaƙi a kaskon nan, sabon danƙo ne ke kwanciya a gefe.

Na ce mata ta bar wa wannan kasko ƙwai da wainar fulawa da ɗumamen taliya. Ƙosai, awara, kifi da duk suyar da ke son mai mai yawa da wuta mai ƙarfi, ta mayar da su kaskon baƙin ƙarfen da Inna ta ba ta, wanda ta jefa ƙarƙashin gado tun ranar tarewa.