Yadda Ake Gyara Saƙon Tunatarwa Kan Kuɗin Wata Ba Tare Da An Ci Fuskar Kowa Ba

Kafin ma'aji ko sakataren ƙungiya ya gyara ko da kalma ɗaya a saƙon tunatarwa, ya kamata ya fara gwada littafin karɓar kuɗi da rasit da kuma bayanan banki. Sau da yawa mamba ya biya ta hannun wani jami'i, ko ya tura daga asusun da ba na sunansa ba, kuma ba abin da ke ɓata rai kamar a nemi mutum ya biya abin da ya riga ya biya.

Daga nan sai a raba saƙon gida biyu: na kowa da kowa, da na mutum ɗaya. Na farkon ba ya ɗaukar sunan kowa. Wasu sukan jera sunayen waɗanda suka biya da nufin yaba musu, alhali duk wanda ya duba jerin zai gane waye babu a ciki, tonon asirin dai an yi shi ta bayan gida. Yawan watanni da adadin kuɗi kuwa, a saƙon mutum ɗaya kaɗai ake ambatarsu.

A ɗauka ma'aji ya rubuta: "Har yanzu ka ƙi biyan kuɗin wata uku, idan ba ka biya ba za a ɗauki mataki." Kalmar "ka ƙi" ta yanke hukunci a kan niyyar mutum, wadda littafi bai nuna ba, "har yanzu" tana da ƙanshin gori, "mataki" kuma barazana ce da ba a fayyace ba. Gyararren saƙon zai iya zama haka: "Ranka ya daɗe, bisa abin da ke rubuce a littafinmu, kuɗin watannin Maris da Afrilu da Mayu bai shigo ba tukuna. Idan ka riga ka biya, don Allah ka turo rasit mu gyara. Idan kuma da saura, muna roƙon a kammala kafin 30 ga Yuni, ko ka tuntuɓe ni mu tsara biya kashi-kashi." A nan littafi ne ya yi magana, an bar ƙofa ko kuskuren daga ƙungiya yake, an kuma ba da wa'adi takamaimai. Kada dai a yi alkawarin biya kashi-kashi sai in shugabanni sun amince da shi.

Idan kundin tsarin ƙungiya ya tanadi tara ko dakatarwa, a ajiye zancen sai tunatarwa ta biyu, a kawo sashen yadda yake, ba ƙari ba ragi. Kafin a tura, a bai wa wani jami'i ya karanta bayan an rufe sunan mamban, a tambaye shi ko da akwai kalmar da za ta sosa masa rai in da shi aka aika wa. Sannan a sake duba lambar waya ko adireshin, don kada saƙon wani ya faɗa hannun wani.