Hankali Ya Tafi Yawo? Kurakuran Masu Fara Koyon Halarto da Hankali

Da yawa daga cikin masu fara atisayen halarto da hankali suna watsar da shi tun ba a je ko'ina ba, kuma kukansu ɗaya ne: "Ni kaina ba ya yin shiru." To ai ba wanda ya ce sai ya yi shiru. Abin da ake koyo shi ne ka san inda hankalinka yake a yanzu, in ya zame ka lura, ka maido shi. Dabarar ta samo asali daga koyarwar mabiya Buda, amma sigar da asibitoci ke amfani da ita masanin kimiyya Jon Kabat-Zinn ne ya tsara ta a 1979 a cibiyar kiwon lafiya ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, shirin makonni 8, domin masu fama da ciwo mai daɗewa da yawan damuwa. Babu bauta a cikinta.

Babban kuskure shi ne kokawa da tunani. A 1987 masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner ya umarci mutane kada su yi tunanin farar dabbar beyar, sai ga shi ita ce ta riƙa faɗo musu a rai. Abin da ka dage sai ka kore shi, kana ta duba ko ya tafi, dubawar nan ita ke maido shi. Yawon hankali kuwa halin kowa ne: wani binciken Jami'ar Harvard na 2010 ya gano cewa kusan kashi 47 cikin ɗari na lokutan da aka tambayi mutane, hankalinsu ba ya kan abin da suke yi. Wanda ya taɓa shakkar ko raka'a ta uku yake ko ta huɗu ba ya bukatar bayani.

Ga yadda zama ɗaya ke gudana. Ka saita agogon waya minti 5, ka zauna a kujera ko tabarma, bayanka a miƙe. Zaɓi wuri guda da kake jin numfashi, bakin hanci ko tashin ciki da saukarsa. Duk fitar numfashi ka ƙirga, ɗaya zuwa goma, sannan ka koma ɗaya. A na huɗu sai kuɗin makarantar yara ya faɗo maka, daga nan ka tuna wanda ka ranta wa kuɗi bai biya ba, har ka fara tsara maganar da za ka gaya masa. Can sai ka farga. A nan mutane ke yin tsaki su ce sun kasa, alhali fargawar ita ce aikin. Ka ce a zuci "tunani", ka koma ɗaya. In ka tsinci kanka kana ƙirga goma sha huɗu, ita ma alama ce baki na aiki hankali na wani gari. Wanda ya maido hankalinsa sau ashirin ya yi atisaye sau ashirin ke nan.

Akwai kuma masu sarrafa numfashi, suna ja da ƙarfi suna riƙewa, har kai ya fara juyawa ko yatsu su yi tsami. Yawan fitar da iska ne ke jawo haka. Bar numfashi yadda ya zo, gajere ko dogo. In ka kasa daina sa masa hannu, koma kan sauti: kukan fanka, wucewar babur, ko taɓuwar tafin ƙafa da ƙasa.

Wasu suna auna nasara da jin daɗi. Ranar da suka tashi da nutsuwa sun iya, ranar da ba su samu ba abin ƙarya ne. Nutsuwa takan zo, amma ba alkawari ba ce, kuma a farko mutum yakan ga kamar tunaninsa ƙaruwa ya yi, don yanzu ne ya fara kallonsa. Ma'aunin yana waje: ɗanka ya kifar da shayi, ka ji zafi na hawa ƙirjinka, ka lura da shi kafin tsawa ta fita.

Lokaci ma na kayar da mutane. Shirin Kabat-Zinn na neman kusan minti 45 kullum, amma da malami da 'yan aji. Kai da kake kai kaɗai, minti 5 a lokaci tsayayye, misali bayan asuba, ya fi dogon zama sau ɗaya a mako. Kada ka yi a kwance bayan ka ci tuwo, barci za ka yi. In gyangyaɗi ya zo, buɗe ido ko ka miƙe tsaye.

Sai kuskuren daurewa inda bai kamata ba. Ƙosawa da ƙaiƙayi da ɗan ciwon gwiwa ana iya zama da su a kalle su. Amma wanda ya ga tashin hankali, kamar haɗarin mota ko hari, rufe ido da sauraron jiki na iya tayar masa da abin. In zuciya ta fara dukan uku-uku, ko ka ji kamar ba ka cikin jikinka, tsaya nan take, buɗe ido, ambaci abubuwa biyar da kake gani a ɗakin. In ya maimaitu, bar zaman ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Wanda kuma yake shan maganin damuwa kada ya ajiye shi don ya fara wannan atisaye, sai likitansa ya ce.